Yadda ake rubuta gajeren labarin yaro mai kunya da aike ya koya masa gaida manya

Duk wanda ya taɓa koyar da yara, a firamare ko a Islamiyya, ya san irin yaron nan da ba ya faɗa, ba ya rashin kunya, amma da ya hango dattawa zaune a kan dakali sai ya sake hanya. Ba raini ne ke sa shi ba. Bakinsa ne ke yi masa nauyi, kuma yana tsoron ya faɗi abin da za a yi masa dariya. Faɗa ba ya gyara irin wannan yaro, sai dai ya ƙara noƙewa. Labari kuwa yakan shige shi, matuƙar ya ga kansa a ciki. Inda ake samun matsala shi ne mai rubutu ya zauna da niyyar labari, ya tashi da wa'azi: yaro ya ƙi gaisuwa, aka yi masa nasiha, ya tuba, shi ke nan. Yaron da aka rubuta dominsa tun a layi na uku zai gane da shi ake, ya toshe kunnensa.

Za mu gina labari guda tare, daga farko har ƙarshe, a cikin birnin Zariya. Tsawonsa kalma 1,200 zuwa 1,500, wato abin da za a karanta wa yara a zama ɗaya cikin minti goma zuwa sha biyar.

Fara da sanin yaron

Shekarunsa ne abu na farko, kuma ba a zaɓensu da ka. Ɗan shekara biyar ba a aikensa nesa, in ma bai yi gaisuwa ba babu mai riƙe shi da laifi. Ɗan shekara goma sha uku kuwa ya fara zama wanda ba ya shiga gidan matan aure kai tsaye, kuma shirunsa girman kai za a ɗauke shi. Ɗan shekara takwas ko tara shi ne daidai. Ana sa ran ya san gaisuwa, kuma har yanzu yana iya ratsa zaure ya shiga tsakar gida, don haka duk ƙofofin unguwa a buɗe suke gare ka kai mai rubutu. Namu shekararsa tara, mu kira shi Habu.

Kada ka rubuta cewa Habu yaro ne mai kunya. Ba shi wata ɗabi'a ta jiki da mai karatu zai gani da idonsa. Namu Habun, da zarar babba ya yi masa magana, sai ya kai wuyan rigarsa baki yana tauna. Wannan ɗabi'a ita ce ma'auninka: za ta fito a farko, ta fito a tsakiya, kuma yadda take raguwa shi zai nuna wa mai karatu an sami canji ba tare da ka faɗa ba. Guda ɗaya ta isa. Idan ka haɗa masa taunar riga da tonon ƙasa da yatsan ƙafa da in'ina da kuka, ya tashi daga mai kunya ya koma abin tausayi, kuma babu yaron da ke son ganin kansa a abin tausayi.

Sai dalili, a layi ɗaya ko biyu. Wata rana da yamma baƙi sun zo gidansu, Habu ya ce musu "ina kwana", yayyensa suka yi mako suna tsokanarsa da ita. Tun daga ranar ya gwammace ya yi shiru. Ƙaramin dalili irin wannan ya fi maraici ko muguwar kishiyar uwa, domin shi ne ainihin abin da ke rufe bakin yara.

Akwai abin da nake so ka riƙe tun yanzu. Sunkuyar da kai, da ƙin zuba wa babba ido, da sassauta murya, duk Habu yana da su, kuma rabin ladabi ke nan a wurinmu. Abin da ya rasa shi ne murya da sanin abin da ke bin wani. Saboda haka labarin ba na cire masa kunya ba ne. Idan ya ƙare Habu ya zama sarkin surutu yana miƙa wa dattawa hannu, ka ɓata yaron.

Zaɓi aiken da ba ya yiwuwa da baki rufe

Nan ne labarai da yawa ke mutuwa tun ba su tashi ba. Idan aiken kai kwanon tuwo ne, Habu zai dire shi a bakin ƙofa ya ruga, kuma ya cika aike. Dole aiken ya ƙunshi saƙon baki da za a isar, da amsar da za a komo da ita, da lokacin da ake jiran amsar.

Birnin Zariya ya yi suna da ɗinkin hannu, aikin wuyan babbar riga da na hula, don haka mu sa baban Habu mai ɗinki ne a Kwarbai. Ya gama hula ɗaya cikin biyu da wani dattijon malami a Unguwar Juma ya ba shi aiki. Yana son a gwada kafin ya ɗora ta biyun, kuma yana son amsa kafin la'asar domin zai shiga kasuwa sayen zare. Ranar Alhamis ce cikin hutun boko, babu makarantar allo, yayan Habu da aka saba aika kuma ya tafi Samaru. Ka ga an toshe wa Habu duk wata hanyar zillewa. Buɗewar labarin kada ta wuce kalma 150, kuma ta fara da kiran, ba da bayanin gari ko na asalin gidan ba:

"Habu!"

"Na'am, Baba."

"Yayanka ba ya nan, yau kai za ka kai wa Malam hularsa. Ka ce ina gaishe shi. Ka ce a gwada, in ta zauna daidai in ɗora ta biyun, in ta matse a faɗa maka. Ka dawo mini da amsa kafin la'asar."

Habu ya karɓi ƙullin da hannu biyu. Kafin ya kai zaure, wuyan rigarsa ya riga ya shiga bakinsa.

Shata hanya

Ɗauki takarda ka zana hanyar kafin ka ci gaba, in da hali ma ka taka ta da ƙafarka. Bar tafiyar a cikin ganuwa. Da ka fitar da Habu ta Ƙofar Doka zuwa Tudun Wada ko Sabon Gari, maganar abin hawa ta shigo, kuma mai karatu Bazazzagi zai tambaya wane uba ne zai saki ɗan shekara tara shi kaɗai haka. Abu biyu ko uku na gari sun wadatar: lungu tsakanin katangun ƙasa, dogon rimi da ake kwatance da shi, masu ɗinki zaune a inuwar zaure da riga shimfiɗe a cinya. Kada ka tsaya ba da tarihin Sarauniya Amina ko kwatanta Dutsen Kufena don kawai a san Zariya ake. Yaron da ke tsoron majalisar dattawan da ke gabansa ba dutse yake kallo ba. Ka zaɓi lokacin shekara kuma, domin yana shiga cikin gaisuwa. Namu hunturu ne.

Ka san gaisuwar kai kanka, daki-daki

Wannan shi ne ƙashin bayan labarin, kuma kuskure a nan ba ya ɓoyuwa, domin kowace kaka da za ta ji ana karantawa ta fi ka sanin abin.

Sallama ce farko, tun daga bakin zaure, kafin a ga fuskar kowa. Ƙarami ne ke fara yi wa babba, mai tafiya ya yi wa na zaune, kamar yadda ya zo a hadisi. Idan ba a amsa ba a sake, har sau uku, daga nan a juya. Aya ta 27 a Suratun Nur ita ce ta hana shiga gidan mutane ba izini da sallama. Kai dai ka san wannan, amma ba sai ka sa wani a labarin ya karanto ba. In an amsa, sai a tuɓe takalmi a bakin tabarma ko bakin ƙofa, a matso, a tsuguna daga gefe, ba a tsaya wa babba a ka ba. Sannan gaisuwar lokaci: "ina kwana" da safe, "ina wuni" daga azahar zuwa dare. Malami ana fara masa da "Allah gafarta Malam", mai sarauta "ranka ya daɗe", sa'an uba "Baba", sa'ar uwa "Inna" ko "Mama" ko "Gwaggo" gwargwadon yadda gidan ke kira. Yaro ba ya kiran sunan babba gatsau, kuma ba ya fara miƙa hannu. In babban ya miƙo, sai ya karɓa da hannu biyu.

Bayan gaisuwar lokaci sai ta hali, kuma kowace da amsarta. "Ina gajiya?" a ce "Ba gajiya." "Ina aiki?" a ce "Da godiya." "Yaya sanyi?" a ce "Lokacinsa ne." Da damina "Yaya ruwa?" a ce "Ya yi gyara." Marar lafiya "Yaya jiki?" ya ce "Da sauƙi," a bi shi da "Allah ya ƙara sauƙi." Gidan rasuwa "Yaya haƙuri?" Sai an gama wannan ake isar da saƙo, kuma ɗan aike da gaisuwar wanda ya aiko shi yake farawa: "Wai in ji Baba, yana gaishe ka." Abin da aka kawo da hannun dama ko hannu biyu ake miƙa shi. Wajen tafiya za a ce masa "ka gaida gida", ya ce "za su ji."

Lura da wani abu da masu rubutu ke yawan juyawa. Tsakanin yaro da dattijo, yaron ne ke buɗe gaisuwa, amma dattijon ne ya fi jero tambayoyi: ina babanka, ina mutanen gidan, yaya karatu. Aikin yaro shi ne amsawa, "lafiya lau", "yana gida", "alhamdu lillahi". Idan ka sa ɗan shekara tara yana jera wa malami tambaya shida kamar sa'ansa, kunnen mai sauraro zai ƙi karɓa. Tambaya ɗaya ko biyu daga bakin yaro sun isa, shi ya sa wadda zai zaɓa take da nauyi. A kan wannan za mu gina ƙololuwar labarin.

Maganar durƙuso kuma, gidaje sun bambanta. Akwai inda yaro ke kai gwiwa ƙasa, akwai inda malamai suka hana duk abin da ya yi kama da ruku'u ga mutum, suka ce sallama da musafaha sun wadatar. Duka biyun za ka same su a Zariya. Ka yanke wane irin gida ne na su Habu, ka tsaya a kai. Ni tsugunawa nake zaɓa, domin ana ganinta a zama daidai da wanda ke zaune, kuma ba ta cika jawo gardamar da za ta janye hankali daga labarin ba.

Zango na farko: faɗuwa

Kalma 250 ko ƙasa da haka. Habu ya shawo kwana ya ga dattawa uku a kan dakali suna shan hantsi. Babu wata hanya. Ya raɓe jikin katanga, ya ƙara sauri, ya kusa wucewa sai ya ji:

"Kai yaro! Zo nan. Ɗan gidan wane ne kai?"

Wannan tambaya ita ce bulalar, ba sai an zage shi ba. Yaron da ya wuce manya bai gaishe su ba, gidansu ake tambaya, domin laifin can yake komawa. Sa wani daga cikinsu ya ce, "Ɗan gidan mai ɗinki ne na Kwarbai. Ikon Allah, uban kuwa ba haka yake ba." Habu ya ji an taɓa babansa saboda shi, ya kasa cewa komai, ya ruga. Kada ka mai da dattawan mugaye. In suka zama azzalumai, mai karatu zai ba Habu gaskiya a kan gudunsa, kuma komawarsa wurinsu a ƙarshe ba za ta yi daɗi ba.

Gudun nan yana da amfani biyu. Ya sa ya saki lungun da aka kwatanta masa, ya ɓace. Ya kuma sa ya laɓe a wani zaure yana jin haushin kansa har aka kira azahar. Lokaci ya juya ke nan, "ina kwanan" da ya taho yana maimaitawa a zuci tun daga gida ta tashi aiki, shi kuwa bai lura ba.

Zango na biyu: mai koyarwa

A nan za ka zauna, kalma 350 zuwa 400. Wanda zai koya wa Habu kada ya zama babansa ko malamin makarantarsu, domin su ne yake jin nauyi. Nemo wanda al'ada ta ba damar wasa da shi. Tsohuwa sa'ar kakarsa ita ce ta fi, saboda wasan jika da kaka: tana iya kiransa maigidanta, ta tsokane shi, ta gyara masa kuskure cikin raha ba tare da ya ji an muzanta shi ba. Kuma dole Habu ya kasance yana bukatar wani abu a wurinta, in ba haka ba wucewa zai yi. Ya ɓace, ita kaɗai ce a lungun, zaune a ƙofar gida da farantin ƙuli-ƙuli.

Ya tsaya daga nesa, riga a baki. "Ina ne gidan Malam?"

Tsohuwa ta ci gaba da jera ƙuli-ƙulinta. "Ni dai ban ji an yi sallama ba. Ko iska ce?"

"Salamu alaikum."

"Wa alaikumus salam. Ashe maigidana ne. To maigida, daga tsaye za a gaishe ni kamar mai bin bashi?"

Ya matso, ya zame silifas ɗinsa, ya tsuguna. "Ina kwana."

Ta yi dariya har da tafa hannu. "Kwana kuma? An yi azahar, maigida. Ko a garinku yanzu gari ya waye?"

Abin da Habu ya fi tsoro a duniya ya faru: ya sake yin kuskuren nan, an kuma yi dariya. Ka tsaya a wannan gaɓa da layi biyu ko uku. Ya jira ƙasa ta tsage, ba ta tsage ba. Tsohuwar tana nan tana jiransa, fuskarta a sake. Ya cire rigar daga baki ya ce, "Ina wuni." Ta ce, "Yauwa. Lafiya lau. Yaya sanyi?" Bai san amsa ba, ta faɗa masa, ya maimaita.

Darasin da za ta ba shi ya zama jimla ɗaya da yaro zai iya riƙewa, cikin bakin tsohuwa, ba cikin bakin littafi ba: "Kafin ka buɗe baki, dubi rana, sannan ka dubi mutum. Su za su faɗa maka abin da za ka ce." Daga nan ta kwatanta masa gidan, ta ce ya wuce rimin can ya shiga zaure na biyu. Alamar cewa wannan zango ya lalace ita ce ka ga maganar tsohuwa ta kai layi biyar ba a katse ta ba. In ka ga haka, ta koma mai wa'azi. Datse maganar, ka sa hannunta ya yi wani abu, ko ka bar Habu ya yi wani kuskuren.

Zango na uku: abin da ba a koya masa ba

Idan Habu ya je gidan Malam ya maimaita abin da tsohuwa ta koya masa daidai, hadda ya yi, kuma mai karatu ba zai ji komai ba. Dole ya tarar da abin da ba a shirya shi a kai ba, ya yi aiki da "dubi mutum" da kansa. Kalma 400.

Ya yi sallama a bakin zaure, muryar ba ta fita ba. Ya sake, aka amsa. Malam na zaune a kan buzu, littattafai a gefe, almajirai biyu manya a gabansa. Habu ya tuɓe takalmi, ya tsuguna daga gefe, ya jira Malam ya kai aya ya ɗago.

"Allah gafarta Malam, ina wuni."

"Lafiya lau, yaro. Daga ina?"

Saƙon na bakinsa, saura ya sauke ya huta. Sai idonsa, da yake dama a ƙasa yake, ya sauka a kan ƙafar Malam ta dama. An miƙe ta a kan matashi, an naɗe ta da farin ƙyalle, ga sanda jingine da bango. Hannunsa ya kama wuyan riga, ya tsaya a nan bai kai baki ba.

"Malam, yaya jiki?"

Malam ya ajiye littafin. "Da sauƙi, alhamdu lillahi."

"Allah ya ƙara sauƙi."

"Amin. Ɗan gidan wane ne kai?"

Ka ga tambayar da ta kore shi da safe ta dawo, amma yanzu yana iya amsa ta da sunan babansa. Ka kuma lura sunkuyar da kan nan nasa ne ya sa ya ga ƙafar. Yaro mai rawar kai da ya shigo yana kallon rufin zaure da bai gani ba. Kada ka bayyana wannan a cikin labarin, bar mai karatu ya tsinta.

Sauran ka bi da sauri. Ya isar da gaisuwar Baba, ya miƙa ƙullin da hannu biyu, Malam ya gwada hula ta zauna, ya ce a ɗora ta biyun, ya sa masa albarka. Game da tukwici, al'ada ce a ba ɗan aike, amma ka yi hattara. In Malam ya zaro kuɗi masu yawa saboda daɗin gaisuwa, yaro mai sauraro zai fahimci ana gaisuwa ne don a samu. Dabino uku sun isa, kuma a ba shi a matsayin ɗan aike, ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya.

Komowa da rufewa

Kalma 200, kada ka ja. Dattawan dakali sun dawo daga masallaci suna nan. Habu yana iya bin wani lungu yanzu da ya san hanya, kuma ya kamata mai karatu ya ga ya yi tunanin hakan. Ya yi sallama, ya tsuguna, ya ce "ina wuninku". Ɗayansu ya ce, "A'a, ashe da bakinsa." Wani ya ce ya gaida babansa. Ba a bukatar ya ba da haƙuri da dogon jawabi, su ma ba sai sun yabe shi ba. Yana barin wurin zuciyarsa na bugawa, domin mai kunya ba ya warkewa a wuni ɗaya.

A rufe a gida, da amsar aike:

"Ya ce ta yi daidai, a ɗora ta biyun. Ya ce yana gaishe ka." Habu ya ɗan yi shiru. "Baba, ƙafarsa ba lafiya. An naɗe ta."

Baba ya soke allurar a jikin hula ya dube shi. "Ban sani ba. Kai ya faɗa wa?"

"Na yi masa ya jiki."

"To. Gobe in an sauko Juma'a za mu je dubiya. Kai za ka raka ni."

Nan labarin ya tsaya. Kada ka ƙara "daga ranar Habu ya zama mai gaida kowa", kada ka liƙa karin magana a gindi. Gaisuwar ta riga ta yi aiki a idon mai karatu: ta kawo wa gidan labarin da ba su da shi, ta kuma sa uba ya zaɓi Habu ya raka shi.

Gyaran harshe

Bayanin mai ba da labari ya kasance cikin daidaitacciyar Hausa, musamman in a aji za a karanta. Zazzaganci kuwa a sa shi a bakin mutane, kaɗan. An san Zazzagawa da cewa "hulan" da "rigan" inda Bakano zai ce "hular" da "rigar", don haka tsohuwa tana iya nuna ƙullin ta ce, "Hulan Malam ne?" Sau ɗaya ko biyu ya isa a ji garin. In ka cika shi ko'ina, yara za su kwafa a jarrabawa a ci su gyara. Ka duba "gaida" da "gaishe": ana gaida Malam, amma ana gaishe shi. Ka kuma bi haruffa masu lanƙwasa ɗaya bayan ɗaya, domin a labarin da ke da baƙi a zaure da riga a baki, ƙugiya ɗaya ta ɓace ma'ana ta juye.

Daga nan ka karanta da ƙarfi, kai kaɗai tukuna. Duk gaisuwar da ka ji bakinka bai saba faɗinta haka ba, gyara ta zuwa yadda ake faɗi a ƙofar gidanku. Gaisuwa cikakkiya, da tambaya da amsa, sau ɗaya kawai za ta fito, a wurin tsohuwa ko wurin Malam. Sauran wuraren ka taƙaita da "suka gaisa", in ba haka ba sulusin labarin zai tafi a "lafiya lau".

Gwaji na ƙarshe shi ne yara. Tara uku ko huɗu 'yan shekara takwas zuwa goma, har da mai kunyar cikinsu, amma kada ka nuna shi ko ka dube shi lokacin karatu. In ka gama kada ka tambaye su darasin da suka koya, domin za su ba ka amsar da suka san kana so. Tambaye su me ya sa Habu ya gudu daga wurin dattawa, da kuma wa ya gaya masa ya ce "yaya jiki". Idan suka ce ya gudu ne don ba shi da tarbiyya, dalilin da ka ba shi a farko bai fito ba, koma ka ƙarfafa labarin baƙin nan da tsokanar yayyensa. Idan suka ce tsohuwa ce ta gaya masa, to ka sa ta yi magana fiye da kima a zango na biyu, sai ka rage. In kuwa suka ce babu wanda ya gaya masa, ƙafar ya gani, zango na uku ya zauna, sai ka mayar da hankali kan tsawon labarin: duk inda ka ga sun fara mutsu-mutsu lokacin karatu, yi wa wurin alama da biro ka yanke kashi ɗaya cikin uku na abin da ke ciki.